Wanne Ya Soke, Wanne Ya Bari? Yadda Ake Karanta Takardar Jarrabawa a Kan Allon Kwamfuta

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san irin shafin nan: tambaya ɗaya, amsa biyu. Ɗalibi ya fara aiki, ya kai tsakiya ko ma ƙarshe, zuciyarsa ta raya masa cewa ya yi kuskure, sai ya ja layi a kai ya sake sabo. Idan takardar na hannun malami, abin bai cika ba da wahala ba. Zai karkata ta wajen haske, ya ga inda biro ya danne da ƙarfi, ya juya bayanta ya shafa da yatsa, ya gane abin da yaro ya kashe da abin da ya bari.

To amma manyan hukumomin jarrabawa da dama sun daina aika wa masu duba takardu da takardar kanta. A Ingila, hukumar OCR da ta Cambridge International suna aiki da wata manhaja mai suna RM Assessor, haka ma hukumar IB wadda makarantu ke bin tsarinta a ƙasashe da yawa, ita kuma Pearson tana da tata mai suna ePEN. Ana tara littattafan amsa a wuri guda, a datse bakin ɗinkinsu da injin yanka takarda, a zuba shafukan cikin sikana, mai ba da maki kuma ya zauna a gidansa yana kallon hotonsu. A wajenmu ma abin ya shigo ta ƙaramar ƙofa, domin malamai da yawa suna karɓar aikin ɗalibai a hoton waya. Da zarar takarda ta koma hoto, wasu shaidun da ido da yatsa suka saba dogara da su sun tafi, kuma layin da aka ja domin soke amsa yana cikin abubuwan da suka fi shan wahala a wannan tafiya.

Sikana ba ta san rubutu ba. Abin da take yi shi ne ta yanyanka shafi zuwa ƙananan ɗigo, ta auna duhun kowanne. Idan an saita ta a kan ɗigo 300 a kowane inci, takardar A4 za ta fito da ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Layin biro na yau da kullum kaurinsa bai wuce sulusin milimita ba sosai, wato wajen ɗigo huɗu ke nan a wannan saiti. A rage zuwa 200, ya koma ƙasa da uku. A 100 kuwa da kyar ya haura ɗaya. Wannan lissafin na rubutun da aka yi a natse ne. Layin sokewa kuwa da gudu ake jan sa, hannu na sauri, bakin biro na tashi daga takarda tun kafin ya kai ƙarshe, don haka yakan fi sauran rubutun siranta da dishewa, musamman wajen wutsiyarsa.

Sai kuma maganar launi. Hoto mai toka-toka yana ba kowane ɗigo lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Irin wannan hoton yana riƙe bambanci tsakanin tawada mai duhu da mai haske. Amma don a rage nauyin fayil, sau da yawa akan mayar da shi baƙi da fari zalla: a tsayar da wata iyaka, duk ɗigon da ya fi ta duhu ya zama baƙi, saura su zama fari. Mu ce an tsayar da iyakar a 128. Rubutun yaro yana wajen 60, ya tsira. Layin da ya ja da sauri ya fara da 90, ya ƙare da 150. Rabinsa na farko zai fito, rabinsa na biyu ya ɓace kamar ba a taɓa jan sa ba. Akwai dabarun da kwamfuta ke zaɓar iyakar da kanta, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta wani masani ɗan Japan, Nobuyuki Otsu, da ya wallafa a 1979, amma kowace iri ce, abin da ya faɗa ɓangaren fari ya tafi ke nan. Barna ta biyu kishiyar wannan ce. Inda yaro ya rubuta 3 sannan ya maimaita 8 a kansa, a hoto mai toka ana iya ganin inda tawada ta hau kan tawada, amma a baƙi da fari sai su cure su zama dunƙule ɗaya.

Bari mu ɗauki shafi guda mu bi shi a hankali. Tambayar lissafi ce mai maki uku:

3(x − 4) = 2x + 5

Mu ce tsarin ba da makin ya raba su haka: maki ɗaya na buɗe baka daidai, ɗaya na tattara x a gefe guda da lambobi a ɗaya gefen, ɗaya kuma na amsar ƙarshe. Masu duba lissafi suna rubuta M1 ga makin hanya, A1 ga makin daidaiton amsa. A saman filin amsa, daga hagu, ɗalibar ta rubuta layi uku da manyan haruffa masu sarari:

3x − 4 = 2x + 5
3x − 2x = 5 + 4
x = 9

Wani siririn layi ya taso daga kusurwar sama ta dama, ya ratsa layin farko da na biyu a karkace, ya ɓace kafin ya isa x = 9. A gefen dama kuma, da ƙananan haruffa a matse, akwai wani aikin:

3x − 12 = 2x + 5
3x − 2x = 5 + 12
x = 17

A can ƙasa, kan layin da aka tanada domin amsa, akwai wani abu mai kama da 9 da ɗan karan layi a kugunsa, karan ya zarce dama kaɗan, sannan 17 na biye da shi. Wanda ya kalle shi da gaggawa zai iya karanta 917, wani ya karanta 9 − 17, wani kuma ya ce ai −17 ne.

Abin da ya fi sauƙi ga mai dubawa shi ne ya ce amsar gaskiya 17 ce, ga ta nan a shafi, a ba ta uku a wuce. A wannan shafin zai yi dace, amma hanyar ba ta da kyau, domin ya zaɓi amsar ne don ya san ita ce daidai, ba don ya tabbatar ita ɗalibar ta tsaya a kai ba. Ran da ya gamu da yaron da ya soke 17 ya bar 9, wannan ɗabi'ar za ta sa ya ba da makin da ba a ci ba. Aikinsa na farko shi ne ya gano abin da ɗalibar ta bari a tsaye, kamar bai san amsar ba.

Zai fara da layin karkacen. Shin sokewa ne? Alamu uku suna nuna haka: ya ratsa ta cikin jikin lambobi maimakon ya bi ta ƙarƙashinsu, ya haɗa layin rubutu fiye da ɗaya, kuma babu wata ma'ana da yake ɗauke da ita a lissafin. Tambaya ta biyu ta fi wuya: ina iyakarsa? Bai taɓa x = 9 ba. A nan sai a ƙara girman hoton a duba wutsiyar layin. Idan ya yi ta siranta yana tsinkewa ɗigo-ɗigo har ya ɓace, to biro ne ya tashi ko kuma sikana ce ta cinye ragowar, kuma idan aka miƙe shi a zuci a kan hanyar da ya ɗauko, za a ga ya nufi kusurwar ƙasa ta hagu, daidai inda x = 9 take. Ko da ma ya tsaya cak da kaurinsa, hankali ba zai ɗauka cewa yarinya ta jefar da layi biyu ta riƙe sakamakon da aka ciro daga cikinsu ba. Layin karkace ɗaya yawanci dunƙulen aiki yake kashewa gaba ɗaya, saɓanin layin kwance wanda yake kashe abin da ya ratsa kaɗai.

Sai a nemi wanne aka fara rubutawa. A nan akwai iyakar da ya kamata kowa ya sani: daga hoton sikana ba a iya cewa wannan layin ne ya hau kan wancan idan biro ɗaya aka yi su da shi. Ko masu binciken takardu da madubin ƙara girma suna shan wahala a kan wannan. Abin da hoto ke iya nunawa shi ne yadda aka ci fili. Rubutun farko yakan fara daga sama ta hagu, ya baje yadda ya ga dama. Na baya kuwa yakan zo ya tarar an cika wuri, sai ya rakuɓe kamar baƙon da ya makara ya samu gefen tabarma: haruffa ƙanana, layi ya karkata don ya kauce wa abin da ke gefensa, wani lokaci har da kibiya mai nuna inda aka koma. A shafin namu aikin dama ne a matse, don haka shi ne na baya. Amma a kula, zama na baya kaɗai bai mai da shi amsar ƙarshe ba. Yara sukan gwada hanya ta biyu, su ga ba ta ɓulle ba, su koma wa ta farko.

Yanzu layin amsa. Ɗan karan da ke kugun 9, alamar ɗebewa ce ko sokewa? A kwatanta shi da sauran alamomin ɗebewa da yarinyar ta rubuta a wannan shafi, guda huɗu ne a cikin aikinta. Idan duk suna tsaye su kaɗai da ɗan sarari hagu da dama, shi kuwa wannan ya faro daga hagun 9 ya fita ta damansa, to ba ɗan gidansu ba ne. Sannan babu inda −17 ko 917 suka fito a cikin aikin, alhali 9 da 17 duk suna da asali a sama. Idan kuma a wani lungu aka ga ta gwada 3 × 13 = 39 da 34 + 5 = 39, magana ta ƙare, domin 17 ta mayar cikin tambayar ta ga ɓangarorin biyu sun yi daidai. Shaidu huɗu sun haɗu a kan abu ɗaya, maki uku nata ne. Babu ɗaya daga cikinsu da zai isa shi kaɗai, kuma wannan ne ya sa nake ganin mai dubawa da ke yanke hukunci daga alama guda yana wasa da makin 'ya'yan mutane.

Ba kowane layi ba ne sokewa

Lissafi ya fi kowane darasi rikitarwa a nan, domin shi kansa cike yake da layuka. Ɗalibin da ke rage 12/18 zai ja ɗan karkataccen layi a kan 12 ya rubuta 2 a samansa, ya ja wani a kan 18 ya rubuta 3 a ƙarƙashinsa. Wannan aiki ne mai cin maki. Ana gane shi da cewa layukan gajeru ne, kowanne a kan lamba ɗaya, suna zuwa biyu-biyu sama da ƙasa, kuma kusa da kowanne akwai ƙaramar lambar da ta gaje shi. Haka layin da ke raba lambar sama da ta ƙasa, idan shafi ya cushe yana iya shafar gindin lambobin sama. Haka alamar ≠, wadda a kanta alamar daidaito ce da aka ratsa.

Layin jaddadawa ma yana ruɗarwa. An koya wa yara da yawa su ja layi biyu a ƙarƙashin amsar ƙarshe, kuma hannun da ke rawa a mintin ƙarshe na iya ɗaga layin ya shiga ƙafafun lambobi. Ma'aunin da ake bi shi ne tsayin da layin ya bi. Na sokewa yana bin kugun haruffa, na jaddadawa yana bin gindinsu, ko da ya ɗan hau a ƙarshe. A duba inda ya faro, domin nan ne hannu ya fi bin niyya.

Akwai kuma abin da ya danganci inda yaro ya yi makaranta. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya tashi a tsarin Faransanci yana rubuta 7 da kara a tsakiya, kuma 1 ɗinsa yana da doguwar ƙugiya a gaba har ya so ya yi kama da 7 ɗin ɗan Kano. Malamin da bai saba ba zai iya ɗauka an soke bakwai ɗin. Maganin abu ne mai sauƙi, a nemi wani 7 a takardar. Idan duk haka suke, rubutunsa ne. A rubutun Larabci da ajami kuwa haruffa suna haɗuwa ne a kan doguwar igiya kwance, don haka ganin dogon layi a cikin kalma ba ya nufin komai sai an ga ya bar igiyar ya ratsa dogayen haruffa irin su alif da lam. Masu rubuta manhajar gano sokakken rubutu sun yi karo da irin wannan matsala. Wasu masana biyu 'yan Indiya, Bidyut Chaudhuri da Chandranath Adak, sun wallafa bincike a 2017 a kan gano layin sokewa da share shi daga rubutun hannu, kuma sai da suka yi la'akari da rubutun Bengali, wanda kalmominsa ke rataye a jikin layi kwance ta sama.

Wasu layukan ma ba hannun ɗalibi ne ya ja su a wannan shafin ba. Idan takarda ba ta da kauri kuma yaro ya zabga babbar alamar X a bayanta, inuwarta na iya fitowa ta gaba, ta faɗo a kan amsar da ba ruwanta. Irin wannan yakan fito dishi-dishi, gefensa ba kaifi, kuma bai dace da girman aikin da ya hau ba. A buɗe hoton bayan shafin, za a same shi can da duhunsa, hagunsa ya koma dama. Ƙura ko busasshen farin ruwan gyara da ya manne a gilashin sikana mai jan takarda kuwa yana haifar da layi miƙaƙƙe sambal daga wannan baki zuwa wancan, a wuri ɗaya a shafi bayan shafi. Hannun mutum ba ya miƙewa haka.

An gane an soke, sai me?

Nan ne mutane da yawa suke mamaki. Gane cewa an soke aiki aikin ido ne, amma abin da za a yi da sokakken aikin doka ce, kuma hukumomi ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Pearson tana umartar masu dubawa su ba sokakken aiki maki, sai fa idan ɗalibi ya maye gurbinsa da wani. OCR tana kusa da haka: idan akwai sabuwar amsa bayyananniya, ba a kallon tsohuwar, idan kuma babu, ana iya yi wa ɗalibi uzuri a duba sokakkiyar matuƙar tana karantuwa. Tsarin ba da makin lissafi na IB kuwa ya tsaya a kan cewa abin da aka soke ba shi da maki, sai idan ɗalibin ya rubuta a fili cewa yana so a duba shi. A jarrabawar AP ta Amurka ma ana gaya wa ɗalibai tun farko cewa sokakken aiki ba za a duba shi ba.

Mu koma wa tambayarmu mu ga abin da wannan ke nufi. A ce wani yaro ya yi aikin daidai tun farko, ya samu x = 17, sai ya tsorata da girman lambar ya ja layi a kai, kafin ya sake wani abu aka ce a ajiye biro. A ƙarƙashin dokar Pearson ya ci uku. A ƙarƙashin ta IB bai ci komai ba. Shafi ɗaya ne, ido ɗaya ne ya karanta shi. A ce kuma ya soke 17 ɗin ya sake aikin da ya kai shi ga 9. A nan duk hukumomin bakinsu ɗaya, aikin da ya bari shi za a duba, kuma zai tashi da maki ɗaya na tattara x, ko da amsar gaskiya na nan ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin layi. A ganina dokar da ke yi wa yaro uzuri ta fi kusa da adalci, domin jarrabawa tana auna abin da ya iya ne, kuma wanda bai kawo wata amsa ba bai yi caca da mai dubawa ba. Amma masu ɗaya ra'ayin ma suna da hujja, cewa sanin amsarka daidai ce wani ɓangare ne na iyawa.

Idan kuma ba a soke ko ɗaya ba fa? A lissafin GCSE na Pearson, ana bin hanyar da ta kai ga abin da aka rubuta a layin amsa. Idan layin amsar fanko ne, sai a duba hanyoyin biyu a ba da mafi ƙarancin makin. Yarinyarmu da ta bar duka biyun a tsaye ba tare da ta cike layin amsa ba, da ɗaya za ta tashi maimakon uku. Hikimar a fili take, kada yaro ya zuba amsoshi ya bar wa mai dubawa zaɓi. Wannan kuma shi ne ya sa ɓacewar siririn layin nan a sikana ba ƙaramar asara ba ce, domin tana mayar da shafin da aka yi gyara a cikinsa ya zama shafin da aka yi caca.

Duk dokokin nan sun rataya a kan tambaya guda, wato ko an maye gurbin abin da aka soke. Tsarin duba takardu a allo yana da wani hali da ke wahalar da amsa ta. Don a yi sauri kuma a daidaita hannu, sau da yawa akan yanka hoton shafi tambaya-tambaya, mai dubawa ya yi ta ganin amsar tambaya ɗaya daga ɗalibi zuwa ɗalibi, ba tare da ganin sauran takardar ba. Yaron da fili ya ƙare masa ya koma shafin ƙarshe ko ya karɓi ƙarin takarda, sabuwar amsarsa tana can waje da yankin da aka yanko. Mai dubawa zai ga sokakken aiki kaɗai, ya ɗauka babu magaji. Haka idan an ja layi ɗaya daga kusurwar shafi zuwa kusurwa, abin da zai shigo yankinsa ɗan guntu ne wanda ba a san inda ya fito ba. Shi ya sa ake horar da masu dubawa cewa da sun ga kibiya ta nufi bakin hoto, ko layi ya fita daga yankin, ko sokakken aiki ba tare da sabo ba, su buɗe cikakken shafi su kuma leƙa ƙarin shafukan. A OCR har alama ake sakawa, SEEN, domin a nuna an ga abin da ke wurin. Abin da ya gagara kuma a tura wa shugaban rukuni, ba a yi shaci-faɗi ba.

Takardar zaɓi tsakanin A, B, C da D kuwa dokarta daban ce, kuma ɗalibanmu da ke rubuta WAEC da NECO sun fi kowa bukatar sanin wannan. Injin da ke karanta irin wannan takardar duhu kawai yake aunawa a kowane gurbi. Yaron da ya cike B, ya canza ra'ayi ya zabga mata X sannan ya cike C, ya ƙara wa B duhu ne, kuma injin zai ga amsa biyu. Wannan ne dalilin da ake cewa a yi da fensirin HB a kuma goge tas. Inda ake amsa irin waɗannan tambayoyi da biro a cikin littafin amsa, dole a tanadi wata hanyar. Pearson tana cewa a ratsa akwatin da aka fasa da layi, a saka alama a sabon. AQA ta ƙara mataki guda domin mai komawa baya: wanda ya soke amsa sannan ya ga ashe ita ce, sai ya zagaye ta da da'ira.

Malamin da ke karɓar aiki ta waya ba shi da shugaban rukuni, amma yawancin gyaran yana hannunsa. Manhajojin ɗaukar hoton takarda suna da saitin da ke wanke shafi ya fito fari tas da baƙin rubutu, kuma wannan saitin shi ne ainihin mayarwa baƙi da fari da muka yi magana a kai. Yana da kyan gani, yana kuma cinye fensir da siraran layuka. Gara a turo hoton da launinsa, shafin gaba ɗaya har da gefunansa huɗu, gaba da baya. A WhatsApp kuma a turo shi a matsayin fayil, domin hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi ya rasa ƙananan ɗigo. Ya kamata malamin ya tsayar da dokarsa game da sokakken aiki tun kafin ya buɗe takarda ta farko, ya kuma sanar da ajin, domin dokar da aka ƙirƙira bayan an ga sunan mai takarda ba ta cika tsayawa daidai ba.

Su kuma ɗalibai, abin da za a koya musu kaɗan ne. Baƙin biro ya fi fitowa a sikana, kuma shi yawancin hukumomin Ingila suke wajabtawa, sun kuma hana farin ruwan gyara da biron da ake gogewa, wanda tawadarsa ke ɓacewa idan zafi ya kai wajen digiri 60. Idan za a soke, a ja layi ɗaya a natse wanda ya kama aikin daga farkonsa har ƙarshensa, ba cakuɗa tawada ba, domin abin da aka dame har ya daina karantuwa ko hukuma mai uzuri ba ta da abin da za ta duba a ciki. Kada a gyara lamba a kan lamba, a soke ta a rubuta sabuwa nesa kaɗan, yadda wutsiyar layin ba za ta zama alamar ɗebewa ba. Idan an koma wani shafi, a rubuta lambar shafin kusa da sokakken aikin, a kuma sa lambar tambayar a kan sabon. Wanda kuma lokaci ke neman ƙure masa, ya fara rubuta sabuwar amsar tukuna, sai ta kammala sannan ya soke tsohuwar.